Yadda na gyara kuskuren shugabana ta imel

Shugaban sashenmu ya aika wa ma'aikata jadawalin kasafin kuɗi, ya sanya jimillar wata uku a gurbin ta wata shida, alhali washegari za a gabatar da shi gaban hukumar gudanarwa. Da farko na yi niyyar danna Reply All, sai na ga hakan zai kunyata shi a idon waɗanda ke ƙarƙashinsa. Yin shiru kuma zai bar shi ya ji kunyar da ta fi wannan a zauren taro.

Na buɗe sabon saƙo zuwa gare shi kaɗai, ban sa kowa a Cc ba, kuma na kauce wa kalmar kuskure a kan saƙon. Bayan gaisuwa na rubuta: "Ranka ya daɗe, adadin da ke layi na 7 ya yi daidai da jimillar wata uku a rahoton da na haɗo, ko a sake dubawa kafin taron gobe?" Na maƙala rahoton tare da ambaton shafin, domin hujjar ta fito daga takarda, hukuncin kuma ya kasance nasa.

Kafin a tashi aiki ya aika gyararren jadawali da sunansa. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.