Darasi na Tara: Kayan da ke Kan Hanya da Kayan da Suka Rigayi Takardarsu

A daren ƙarshe na shekara, ɗan kasuwa kan rufe shago, ya kira yaransa su ƙirga duk abin da ke sito. Abin da suka ƙirga shi ake rubutawa a matsayin kayan da suka rage. Ga mai sarin kaya a cikin gari wannan ya isa. Amma wanda ke odar kaya daga waje, ƙirgar sito kaɗai za ta yaudare shi, domin wani kayan nasa ne alhali yana tsakiyar teku, wani kuma yana jibge a sito amma ba a rubuta bashinsa ba. Kafin mu shiga, ku tuna da darasin baya: kowane shafi na littafin lissafi yana da hagu da dama. Kaya da asara suna ƙaruwa ta hagu, bashin da ake binka yana ƙaruwa ta dama, kuma duk abin da ka rubuta a hagun wani shafi sai ka rubuta daidai da shi a daman wani.

Yaushe kaya ke zama naka?

Mu ƙaddara wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya yi odar bandir 1,000 daga Guangzhou, kowane bandir dala 20, bashi, zai biya bayan wata uku. An loda kwantenar a jirgin ruwa ran 5 ga Disamba. Ba za ta iso Apapa ba sai cikin Janairu, sannan a yi fama da kwastan, sannan tirela ta ɗauko ta zuwa Kano. Ran 31 ga Disamba babu ko ƙyalle ɗaya na wannan yadin a sitonsa. To, nasa ne ko ba nasa ba?

Amsar tana cikin yarjejeniyar ciniki. Ku duba inbois, wato takardar da mai kaya ke rubuta kuɗin da yake bin mai saye, za ku ga wasu haruffa uku kusa da farashi. Suna cikin ƙa'idojin Incoterms, waɗanda aka sabunta a 2020, kuma su ne ke nuna inda alhakin kaya ke barin wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye. Idan an rubuta FOB, daga lokacin da kaya suka hau jirgi a tashar da aka loda su, duk abin da ya same su a kan mai saye yake. Idan an rubuta DAP, alhakin yana kan mai sayarwa har sai ya kawo kayan wurin da aka ambata.

Akwai CIF, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Tun da mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora har zuwa Legas, sai a zaci kayan nasa ne har su iso. Ba haka ba ne. A CIF ma alhaki yana komawa kan mai saye tun a tashar lodi, kamar FOB. Ya biya maka kuɗin jirgi da inshora ne kawai, ya kuma cusa su cikin farashi. Haruffan nan dai magana suke kan alhaki da wanda zai biya me, don haka a karanta sauran yarjejeniyar ma, ko akwai wani sharaɗi dabam game da mallaka. In babu, akantoci sukan ɗauki ranar da alhaki ya koma kanka a matsayin ranar da kaya za su shiga littafinka.

Odar Alhaji FOB ce. Shaidar ranar lodi tana kan takardar da kamfanin jirgi ya bayar, wadda aka buga wa Bill of Lading a samanta. Ranar da ke jikinta, 5 ga Disamba, ita za a yi aiki da ita, ba ranar da yaron Alhaji ya bugo waya ya ce "an gama lodi" ba.

Shafin kaya a hanya

Akawu zai buɗe shafi na musamman, ya rubuta masa suna: Kaya a Hanya. Mu ce ranar lodi ana canjin dala a naira 1,500. Dala 20,000 ta zama naira 30,000,000. Sai ya rubuta wannan adadi a hagun shafin Kaya a Hanya, ya kuma rubuta shi a daman shafin mai kaya, domin bashi ne. Alhaji ya biya kuɗin jirgi da inshora, mu ce naira 3,500,000. Wannan ma hagun Kaya a Hanya zai shiga, ya fita ta daman shafin banki. Kada a zuba shi cikin kuɗin cefanen ofis, domin duk abin da aka kashe wajen kawo kaya inda za a sayar da su, ɓangare ne na kuɗin kayan.

Ran 31 ga Disamba shafin yana ɗauke da naira 33,500,000, kuma za a tara shi da abin da aka ƙirga a sito.

Ku duba abin da zai faru in akawu ya yi sakaci. Inbois ta iso ta waya tun Disamba, ya shigar da miliyan 30 cikin sayayyar shekara. Da aka zo ƙirga, yara ba su ga yadin ba, ba a sa shi cikin ragowar kaya ba. Lissafi zai ɗauka an sayar da yadin ke nan ba a samu ko kwabo ba, ribar shekara ta faɗi da miliyan 30, sannan ta baɗi ta kumbura da daidai wannan adadi. Idan kun ga riba ta zube a shekara ɗaya ta yi tsalle a ta gaba alhali ciniki bai sauya ba, ku fara neman kwantenar da ta kwana a ruwa.

Abu biyu a gefe. Kafin alƙalami da aka tura wa mai kaya tun bai loda ba, ba kaya ba ne, kuɗinka ne a hannunsa, shafinsa dabam. Na biyu, in dala ta tashi zuwa 1,550 a ƙarshen shekara, bashin ya zama naira 31,000,000, amma kuɗin yadin yana nan yadda aka rubuta shi. Miliyan ɗayan nan asarar canji ce, ba a ɗora ta kan bandir.

Kaya sun iso, takarda ba ta iso ba

A Janairu an biya harajin kwastan, mu ce naira 6,000,000, ya shiga hagun Kaya a Hanya. Ran 10 ga Fabrairu tirela ta tsaya ƙofar sito. Mai kula da sito ya tsaya da biro da takardar karɓar kaya, 'yan dako na saukewa yana ƙirgawa bandir-bandir, ya rubuta kwanan wata, lambar kwantena, lambar mota da adadin da ya gani da idonsa, shi da direba suka sa hannu. Wannan takarda ita ce ke ba akawu izinin kwashe kuɗi daga shafin Kaya a Hanya zuwa shafin kayan sito.

Sai dai ejan ɗin da ya fito da kayan daga tasha bai aiko da inbois ɗinsa ba, kamfanin tirela ma haka. An yi ciniki da ejan a kan naira 1,000,000, da mai mota a kan 1,500,000. Sun riga sun yi aikin, bashi ya hau kan Alhaji ko takarda ta zo ko ba ta zo ba. Don haka akawu zai buɗe shafi na biyu: An Karɓa, Ba Inbois. A manhajojin lissafi na kwamfuta za ku ga an rubuta shi GRNI. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu bin tsarin lissafi na SYSCOHADA suna da shi a lamba 408. Zai rubuta naira 2,500,000 a daman wannan shafi, ya ƙara su kan kuɗin kayan ta hagu.

Yanzu a tara: 33,500,000 da 6,000,000 da 2,500,000 sun ba da 42,000,000. A raba wa bandir 1,000, kowanne ya tsaya wa Alhaji a kan naira 42,000. Da akawu ya jira takardu kafin ya rubuta, da ya ce masa 39,500, Alhaji kuma ya yanke farashi a kan ƙarya. A kasuwar da ake fafatawa kan ɗari biyar, wannan ba ƙaramin rami ba ne.

Idan ƙirga ta nuna 980, sito zai karɓi 980 kawai. Ashirin ɗin da suka ɓace, naira 840,000, a fitar da su a matsayin asara, a kai kuka wurin inshora, kuma ba a rubuta diyya a matsayin kuɗin da ake bi sai sun amince za su biya. Kuɗin jinkiri da ake ci in kwantena ta daɗe a tasha saboda sakaci, ni a ganina shi ma asara ne. Ɗora shi kan bandir ɓoye laifi ne cikin farashi.

Shafin An Karɓa, Ba Inbois yana aiki har ga kayan cikin gida. Masaƙa ta aiko da bandir 200 da takardar rakiyar kaya kawai, farashin da aka shirya naira 18,000. A rubuta 3,600,000 a hagun kayan sito da daman An Karɓa, Ba Inbois. In ba a yi haka ba, yara za su ƙirga kayan da littafi bai san an saya ba, riba ta fito fiye da gaskiya. Bayan mako biyu inbois ta zo da 18,500, jimla 3,700,000. Kafin a taɓa littafi, a jera takardu uku a kan tebur: takardar oda, takardar karɓar kaya da inbois. In ƙarin halal ne, an amince da shi, sai a rubuta 3,600,000 a hagun An Karɓa, Ba Inbois don shafin ya koma sifiri, a ƙara 100,000 kan kuɗin kayan, a rubuta 3,700,000 a daman shafin masaƙa. In babu dalilin ƙarin, a mayar musu su gyara.

Kuskuren da na fi cin karo da shi a nan shi ne rubutu biyu. Inbois ta zo, wani akawun ya shigar da ita a matsayin sabon saye, ya manta akwai tsohon rubutu yana jira. Kaya sun ninka a littafi, bashi ma ya ninka. Alamarsa a bayyane take: adadi ya yi wata uku ko huɗu zaune a daman shafin An Karɓa, Ba Inbois bai motsa ba, alhali mai kaya ya ce an biya shi tuntuni. Shi ya sa kowane layi a shafukan nan biyu ake rubuta masa lambar kwantena ko ta oda, kuma duk ƙarshen wata a bi su ɗaya bayan ɗaya. Layin da ke Kaya a Hanya, ina kwantenarsa take yau? Layin da ke ɗaya shafin, wa za a kira ya kawo takarda?

Aikin aji

Wata Hajiya ta yi odar katan 400 na kwanukan tangaran, kowanne dala 25, CIF Legas. An loda ran 20 ga Disamba, dala tana naira 1,500. Nawa za ta rubuta a Kaya a Hanya ran 31 ga Disamba? Da a ce DAP Kano aka rubuta, nawa za ta rubuta? Kayan sun iso a Fabrairu, mai mota bai kawo inbois ɗin naira 800,000 ba: ku zana shafukan a allo, ku nuna inda adadin zai zauna a hagu da inda zai zauna a dama.