Darasi na Bakwai: Ɗan Wasan da Ke Faɗawa ta Cikin Daɓe

Da yawa cikinku a ajinmu na yamma a Agege sun kawo kuka iri ɗaya. A kwamfutar aji wasan da kuka haɗa lafiya lau yake, amma da an sa shi a ƙaramar waya irin ta hannu biyu da ake samu a kasuwar wayoyi ta Ikeja, sai ɗan wasa ya diro daga sama ya ratsa daɓe ya ɓace. Kada ku damu, daɓen bai huje ba. Ku ɗauko littafi da biro.

Kwamfuta ba ta ganin motsi kamar yadda idonmu ke gani. Hoto take zanawa ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto sunansa firam. A kowane firam tana ɗauke ɗan wasa daga inda yake ta ajiye shi gaba, sannan ta duba ko jikinsa ya taɓa daɓe. Abin da ke tsakanin ajiyewa biyu ba ta duba shi. Kamar mai gadi ne da ke ɗaga kai jefi-jefi: mai tafiya a ƙasa ba ya kuɓuce masa, amma ɗan acaɓa zai iya shigewa kafin ya sake ɗagowa.

Tazarar da ɗan wasa ke ci a firam ɗaya za mu kira ta taku. Ana samun taku ne idan aka raba gudu da yawan firam na daƙiƙa ɗaya. Rabawa, ba ninkawa ba. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan.

Ɗan wasanmu tsawonsa mita 1, kaurin daɓe santimita 20, yana faɗowa da gudun mita 30 a daƙiƙa. A kwamfutar aji firam 60 ake zanawa. Mu raba 30 da 60, taku rabin mita ne. Dole a kama shi yana taɓa daɓe, tunda tsawonsa da kaurin daɓen sun haɗa mita 1 da santimita 20, takun kuwa bai kai haka ba.

To wayar ta yi zafi, firam ya sauka zuwa 15. Me za mu yi? Rabawa. 30 a raba da 15, taku mita 2. Ku lura, firam ya ragu, taku ya ƙaru. Wanda lissafinsa ya ba shi 450 ya ninka ne, ya koma ya raba. Ba abin kunya ba ne, a nan kusan kowa ke tuntuɓe.

Ku zana shi a takarda. Ƙafarsa tana santimita 50 sama da daɓe, bai taɓa ba. Firam na gaba ya sauko mita 2: ƙafa tana mita 1 da rabi ƙasa da fuskar daɓe, kansa kuma santimita 30 ƙasa da gindin daɓen. Nan ma bai taɓa ba. Shi ke nan ya wuce. Wani lokaci firam kan faɗo daidai sa'ad da jikinsa ke cikin daɓen, sai a kama shi. Shi ya sa matsalar take zuwa yau, gobe ta ɓuya.

Sake yi da firam 20. Raba. Mita 1 da rabi, har yanzu akwai haɗari. Da firam 30 fa? Raba! Mita 1, an tsira da kyar. Na sha faɗa, amma duk mako sai wani ya kawo mini littafi da alamar ninkawa. Haba jama'a, wanda bai yi wannan lissafi da hannunsa ba kada ya taɓa kwamfuta.

Magani na farko shi ne a yanka takun ƙanana, kowane yanki kada ya wuce kaurin daɓe, a duba karo bayan kowanne:

```
n = ceil(v * dt / 0.2)
```

`v` gudu ne, `dt` kuma tsawon lokacin firam ɗaya, wato 1 a raba da 15, don haka rabawar nan tana cikinsa. `ceil` yana cike ragowa zuwa lamba ta sama. A misalinmu `n` 10 ne: motsi goma na santimita 20, dubawa goma. Illarsa ita ce kun ƙara wa wayar da ta riga ta gaji aiki, saboda haka abubuwa masu gudu kaɗai za a yi wa.

Magani na Biyu

Masu amfani da manhajar haɗa wasanni ta Unity, in kuna canza `transform.position` a cikin `Update`, ku ne kuke tsallakar da shi. Ku motsa shi ta `Rigidbody` a cikin `FixedUpdate`, inda `dt` yake tsaye a 0.02 sai in kun canza, taku ya zama santimita 60 ko da firam ya sauka. Ku mayar da `Collision Detection` zuwa `Continuous`, shi yana duba hanyar gaba ɗaya kafin ya ajiye ɗan wasa. Don gwaji ku sa `Application.targetFrameRate = 15` ku gwada a waya.

Magani na Uku

A ƙara kaurin daɓe, ko a ƙayyade gudun faɗuwa kada ya wuce mita 15 a daƙiƙa. Ku lissafa takunsa a firam 15 ku kawo ranar Asabar.