Yadda ake adana saƙonnin Signal a waya ba tare da rasa mabuɗinsu ba

Signal, manhajar aika saƙonni, ba ya barin tarihin hirarka a buɗe a ko'ina. A wayar Android kana iya sa shi ya tattara saƙonni da hotuna cikin fayil guda a ma'ajiyar wayar, amma fayil ɗin a kulle yake da wani mabuɗi na lambobi 30. Wayarka ce take ƙirƙiro lambobin, ba a tura su ga kamfanin, don haka idan suka ɓace babu wanda za ka kai wa kuka.

Da farko ka buɗe Settings, ka shiga Chats, sannan Chat backups, ka taɓa Turn on. A sababbin nau'o'in manhajar abin yana ƙarƙashin Backups, wasu kuma suna ba da mabuɗi mai haruffa da lambobi 64, amma ƙa'idar ɗaya ce. Zaɓi jakar da fayil ɗin zai zauna, sai allo ya nuno lambobin, rukuni shida, kowanne lamba biyar.

Nan ne wurin da ya kamata ka natsu. Ɗauki biro da takarda ka kwafe su rukuni-rukuni yadda suka zo, ka bambanta 1 da 7 da kyau, ka rubuta ranar a gefe. Kada ka dogara da hoton allo ko rubutun da ka ajiye a cikin wayar, domin ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, mabuɗin ya tafi tare da ita. Bayan ka tabbatar wa Signal ka rubuta, taɓa Create backup. Fayil zai fito da suna irin wannan:

```
signal-2024-03-10-02-15-30.backup
```

Kafin ka ajiye takardar, ka gwada ta. A shafin akwai Verify backup passphrase. Shigar da lambobin kana karantawa daga takarda. Idan ya amsa, abin da ka rubuta daidai ne. Idan ya ƙi, gara ka sani yau da tsohuwar wayar tana hannunka. A ganina wannan matakin ya fi duk sauran amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. Daga nan ka kwafi fayil ɗin zuwa kwamfuta ko filashi, kana maimaitawa lokaci-lokaci, takardar kuma ta zauna wani wuri daban.

Me ya sa ba a iya fasa shi? Daga lambobin nan 30 ake sarrafa makullin da aka rufe komai da shi, kuma babu wata ƙofar baya. Haɗuwar da lambobi 30 za su iya yi ita ce 1 da sifili 30 a gabansa. Na'urar da ke gwada tiriliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe sama da shekara biliyan 30 kafin ta ƙare su. Shi ya sa ɓarawon da ya samu fayil ɗinka bai samu komai ba, kai ma idan ka rasa takardar matsayinku ɗaya da shi. PIN ɗinka na Signal ba zai taimaka ba. Aikinsa kare rajistar lambar wayarka da dawo da bayanan asusu, ba buɗe wannan fayil ba. Lambar da ake turowa ta SMS ita ma haka.

Akwai wani tarko da ke kama ko masu kula. A ce wata ta kunna ajiya a watan Maris ta rubuta lambobinta. A watan Agusta ta kashe ta sake kunnawa, Signal ya ba ta sababbin lambobi, ta wuce ba ta rubuta ba don tana ganin tana da su. Wayar ta lalace a Nuwamba. Fayil ɗin Nuwamba da ke kwamfutarta ba zai amsa takardar Maris ba, ko ta shigar sau ɗari. Abin da takardar za ta buɗe sai fayil ɗin da aka yi kafin Agusta, in ta kwafe shi waje, kuma saƙonnin bayan nan sun tafi. Idan ranar da ke cikin sunan fayil ta riga ranar da ke kan takarda, ka san ba na juna ba ne.

Idan takardarka ta ɓace amma wayar tana aiki, da sauƙi. Kashe ajiyar, wanda zai goge tsofaffin fayilolin da ke cikin jakar, ka sake kunnawa, ka rubuta sababbin lambobi, ka yi sabon fayil.

Ranar mayarwa kuwa, fara saka fayil ɗin a sabuwar wayar Android, sannan ka girka Signal. Zaɓin mayarwa yana zuwa ne a farkon buɗewa, kafin ka kammala rajistar lambarka. Nuna masa fayil ɗin, shigar da lambobin, ka jira ya gama. Idan ka riga ka yi rajista ka wuce wurin, sai ka cire manhajar daga sabuwar wayar ka sake girkawa, kuma saƙonnin da suka shigo a tsakani za su goge.