Kurakuran yanka wa wakilin kayan noma adadi da kamasho

Mai shagon taki da iri da maganin feshi a Legas, da zarar ya ɗauki yara masu zagaya gonakin Ojo, Ikorodu, Epe ko Badagry, abin da ya fi saurin cinye masa jari shi ne yadda ya tsara kamashonsu.

Kuskuren da na fi gani shi ne lissafa kamasho a kan jimillar ciniki. A ce buhun yuriya mai kilo 50 kana sayar da shi naira 40,000, ribarka a ciki 2,000, ka yi wa yaro alkawarin kashi 3 cikin 100 na duk abin da ya sayar. Ya fitar da buhu 50, cinikin miliyan 2 ke nan. Ribar 100,000 ce, shi kuma zai karɓi 60,000, ga kuɗin mota da na 'yan dako ba a cire ba. Abokin aikinsa na Ikorodu ya sayar da iri da maganin ciyawa na 500,000, inda riba ta kai kashi ɗaya cikin biyar. Shi ma 100,000 ya kawo, amma 15,000 zai tashi da ita. Ba za a yi wata biyu ba shi ma zai koma tallan taki. Alamar wannan ciwon a bayyane take: ciniki yana hawa, kuɗin aljihunka ba sa ƙaruwa, iri kuma yana kwana a shago har ya daina tsirowa da kyau. Gyaran shi ne a ɗora kamasho a kan riba. In ka ce kashi ɗaya cikin huɗu, kowannensu ya samu 25,000. In ba ka son yara su san ribarka, rubuta wa kowane kaya nasa kamashon da naira: buhu kaza, lita kaza.

Sai dai a nan akwai abin tsoro. Tunda magani ya fi riba, yaro zai iya tura wa mai lambun alayyafo feshin da ba ya buƙata, alhali ganyen nan cikin mako huɗu ko biyar yake isa kasuwa, mutane su ci. Don haka ka ware wani kaso na ladan ka rataya shi a kan manoman da suka dawo suka sake saye. Wanda aka cuta ba ya dawowa.

Na biyu, biyan kamasho ranar da kaya suka fita. Wasu ƙananan manoma bashi suke ɗauka, kuma yaron da ya riga ya karɓi nasa ba shi da dalilin sake taka laka ya je karɓo naka. A lissafin ɗazu, buhu 10 da aka riƙe kuɗinsu naira 400,000 ne, ribar buhu 200 cur. Ka biya kamasho a kan kuɗin da suka shigo hannu kawai, wa'adin bashin kuma ya bi amfanin gonar. Mai ganye yana iya biya cikin mako shida, mai masara sai wajen wata uku, rogo kuwa yana kusan shekara a ƙasa, bai kamata a ba mai shi bashin wata ɗaya a zauna jira ba. Amma kada ka bar yaro da aljihu wayam yana jiran girbi. Ba shi kuɗin mota da ɗan albashi tsayayye, in ba haka ba zai fara taɓa kuɗin da ya karɓo, ya ce manomi bai biya ba. Rasit mai lamba da kiran manomi biyar a waya duk mako suna toshe wannan ƙofar.

Sannan adadin kansa, wato yawan kayan da ka yanka wa yaro ya sayar. Raba na shekara gida 12 daidai ba ya aiki. Ruwan Legas yana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, masu lambu kuma da rani ma suna aiki. Duba littafinka na bara, wata-wata, yanki-yanki, ka yanka wa kowa gwargwadon manoman da ke hannunsa da nisan tafiyarsa.

Kuma ka guji cewa sai an cika buhu 50 ake samun kamasho. Yaron da ke kan 42 ranar 28 ga wata zai kai sauran takwas wani shago a Mile 12 ko Agege ya karyar, ya rubuta sunayen manoma. Za ka gane in cinikinsa yana taruwa a kwana ukun ƙarshen wata, ko ka ga mai kunya goma ta ganye an rubuta masa buhu biyar. Fara biya daga buhun farko, abin da ya haura adadi kuma ka ƙara masa kaso a kansa kaɗai.