Babi na Tara: Yadda Ake Samun Lambar e

Darasi na 1

Ku ɗauki fensir, ku kwafi wannan layi a saman takarda:

e^x = 1 + x + x²/2! + x³/3! + x⁴/4! + …

Kada tsawonsa ya tsorata ku. Duk abin da ke tsakanin alamar tarawa biyu, gaɓa ce guda. Alamar ! tana nufin a ninka lambobi daga 1 har zuwa lambar da ke bayanta, wato 3! shi ne 1 × 2 × 3 = 6. Ɗigo ukun ƙarshe kuwa na nuna cewa gaɓoɓin ba su da iyaka.

Yau za mu sa 1 a gurbin x. Ko sau nawa aka ninka 1 da kansa, 1 ne, don haka rabawa da tarawa kawai suka rage mana.

Gaɓar farko 1 ce. Ku raba ta da 1, ku sami 1. Ku raba wannan da 2, ku sami 0.5. To, a nan ake tuntuɓe. Abin da za ku raba da 3 shi ne 0.5 ɗin da kuka samu yanzu, ba 1 ba. Amsa 0.1667. Ku ɗora yatsa a kan 0.1667, shi za ku raba da 4, ku sami 0.0417. Ku matsar da yatsa kan 0.0417, ku raba da 5, ku sami 0.0083. Sannu a hankali, kuna kan hanya. Da 6, 0.0014. Da 7, 0.0002.

Sai ku tara su ɗaya bayan ɗaya. Jimla za ta riƙa tafiya haka: 2, 2.5, 2.6667, 2.7084, 2.7167, 2.7181, 2.7183. Kun ga tana ƙaruwa, amma ƙarin sai kankancewa yake yi. Lambar da take dosa ita ce e, kusan 2.71828.

Jimlar ba za ta taɓa kai 3 ba, domin bayan 0.5 kowace gaɓa ba ta kai rabin wadda ta gabace ta ba. Wanda ya ga 3.083 a takardarsa, 1 ya raba da 3 da kuma 4, ya sami 0.333 da 0.25. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Gaɓar da ke ƙarƙashin yatsa ake rabawa. Ba 1 ba, ba kuma jimla ba. A goge, a sake daga 0.5.

Darasi na 2

Ku sa 2 a gurbin x. Ku ninka gaɓar baya da 2 kafin ku raba: 1, 2, 2, 1.3333, 0.6667. Ku ci gaba har jimla ta kusanci 7.389, wato e × e.

Darasi na 3

Leonhard Euler ne ya sa wa lambar harafin e. Ku gwada x = 0.5 a gida, amsa kusan 1.6487.