Ruwan zafi kafin fiya-fiya

Jama'ar Gusau, kafin ku sayi fiya-fiya, ku tafasa ruwa. Zafi na kashe kuɗin cizo har ƙwansa, feshi kuwa yakan bar ƙwan, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10.

Amma ku fara tabbatarwa. Na ga ƙuraje a jere a bayan ɗiyata, na ɗauka sauro ne. Da dare na haska tocila a ɗinkin katifa, sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe da ƙwari jajaye kamar ƙwayar kankana.

Ku jiƙa zannuwa da gidan sauro a ruwan zafi, ku kwarara tafasasshe a mahaɗar katakon gado. Ku maimaita bayan mako biyu.

Ruwan ba ya kai wa tsagar bango, sai an liƙe. Katifa mai kauri kuma, shanya kaɗai ba ta isa, suna gudu ƙasanta.