Manhajar rubutu da manhajar bidiyo: kurakuran da sababbin shiga suka fi yi

Wani ɗan ƙanena da ke taya mahaifiyarsa sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Maraɗi ya zo mini da salularsa ransa a ɓace. Ya ce ya umarci wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi masa bidiyon talla, amma abin da ya samu shi ne dogon rubutu da ke tsara yadda tallar za ta kasance, babu hoto ko ɗaya mai motsi. A ganinsa manhajar ta lalace ne, alhali kuwa lafiyarta lau, ya dai je wajen magatakarda neman aikin mai zane. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma daga gare shi sauran suke fitowa.

Manhajar harshe, irin ChatGPT a yadda kamfanin OpenAI ya fara fito da ita a watan Nuwamban 2022, rubutu take karɓa, rubutu kuma take mayarwa. An horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har ta gwanance wajen hasashen abin da ya dace ya biyo bayan abin da aka riga aka rubuta. Tana fitar da amsa gutsure-gutsure, kalma ko ɓangaren kalma, kowane gutsure yana dogara da waɗanda suka gabace shi, shi ya sa ake ganin amsar tana zubowa a allo kamar ana bugawa. Manhajar bidiyo kuwa, irin su Sora ta OpenAI da Veo ta Google da aka bayyana a 2024, da bidiyoyi masu ɗauke da bayanin abin da ke cikinsu aka horar da ita. Yawancin irinta suna farawa ne daga tsaki-tsaki, kamar wanda ke cika allon talabijin idan tasha ta ɗauke, sannan su riƙa share shi mataki-mataki bisa jagorancin kalmomin da aka rubuta, har siffofi da motsi su fito. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne wasu kamfanoni sun haɗa ayyukan biyu a manhaja ɗaya, sai a ɗauka abu guda ne. Kafin ka rubuta komai, duba ko akwai sashe ko maɓallin bidiyo, in babu, to da wuya ka samu bidiyo ko da sau nawa ka maimaita roƙon.

Da yaron ya samu manhajar bidiyo ta gaske, sai ya faɗa kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne cin kuɗin data da lokacin mutane. Ya rubuta mata kamar yana aika wasiƙa: mahaifiyarsa ta shekara da shekaru tana sana'ar, man nata ba shi da algus, yana son bidiyon da zai nuna yadda ake soya gyaɗa, a niƙa, a matse, a kai kasuwa, jama'a su saya suna yabawa. Manhajar harshe za ta yi aiki mai kyau da irin wannan bayani, domin ma'ana da manufa su ne fagenta. Ita kuwa ta bidiyo ba ta da hanyar zana rashin algus ko daɗewa a sana'a, abin da ido zai iya gani kaɗai take iya zanawa. Ga kuma ƙarancin lokaci: Veo 3, wadda ta fito a watan Mayun 2025, guntayen bidiyo na kimanin sakan 8 take samarwa. Dalilin bai da wuyar ganewa. Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu, 24 a kowane sakan a ma'aunin da aka saba, wato hotuna 192 a sakan 8, kuma hoto ɗaya mai girman 1280 sau 720 yana ɗauke da ɗigo 921,600. Dole dukkansu su jitu da juna, shi ya sa aikin yake da nauyi da tsada fiye da rubuta shafi guda.

Gyaran da muka yi shi ne raba labarin zuwa fitowa huɗu, kowace da umarninta, kuma a nan ne manhajar harshe ta yi amfani, domin ita ta taya mu rarraba shi. Umarnin fitowa ta uku ya zama haka: hannuwan mace suna matse niƙaƙƙiyar gyaɗa a cikin babbar kwalla, man gyaɗa mai ruwan zinariya yana tsatsowa a hankali, hasken safiya yana zuwa daga hagu, kyamara tana kusa kuma ba ta motsi. Abu ɗaya, aiki ɗaya, wuri, haske da matsayin kyamara. Sannan muka sa aka mayar da shi Ingilishi kafin mu tura, saboda mafi yawan bayanan da aka horar da waɗannan manhajoji da su da Ingilishi suke, kuma Hausa ba ta samu kaso mai yawa a ciki ba. Wannan abu yana damuna, amma shi ne halin da ake ciki.

Kuskure na uku shi ne tsammanin gyara irin na rubutu. Idan ka ce wa manhajar harshe ta canza kalma ɗaya a saƙonka, takan dawo maka da saƙon kusan yadda yake, domin tana da rubutun farko a gabanta tana bi. A bidiyo, sake tura umarni yakan nufi farawa daga sabon tsaki-tsaki, don haka da muka nemi a canza launin ɗankwali kawai, sai fuskar matar da kwallar da tsakar gidan duk suka canza. Maganin da ya fi aiki shi ne ɗaukar hoto na gaske da salula, a ba manhajar a matsayin mafari, ta motsa shi. Da yawa daga cikinsu suna karɓar hoto. Hakan ne kuma ya magance mana wata matsalar, domin da muka rubuta kasuwar Maraɗi, abin da ya fito kasuwa ce da ba ta yi kama da ko'ina a Nijar ba, tufafin mutanen da rumfunansu duk baƙi ne a idonmu.

Kada ka bar wa manhajar bidiyo rubutun da ke jikin kwalba ko allon shago. Haruffa a wurinta siffofi ne da take zanawa, shi ya sa sukan fito a murɗe, balle masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ. Sunan kaya da farashi da lambar waya a ɗora su daga baya da manhajar tace bidiyo kamar CapCut.

Kowace daga cikin biyun tana da irin kuskurenta, kuma yadda ake kama su ya bambanta. Manhajar harshe tana iya rubuta abin da ba gaskiya ba cikin jimla mai santsi, don haka ranaku da adadi da sunaye ake bincikawa a wani wurin. Na bidiyo da ido ake kamawa: a rage gudunsa, a dubi yatsu ko sun ƙaru, a dubi abin da ya ɓace bayan wani ya gifta ta gabansa, a dubi ruwa ko mai ko yana zuba yadda ya kamata. A gwajinmu na farko man yana kwarara amma kwalbar ba ta cikowa, kuma sai a kallo na uku yaron ya lura. Fitowar da ke nuna kayan mahaifiyarsa a jere dai da kyamarar salularsa ya ɗauke ta, domin mai saye yana da haƙƙin ganin ainihin man da zai biya kuɗinsa.